Manhajar sayayya ta mayar da ni mazaunin garin da ban taɓa kwana ba: sharhina bayan wata uku

Wata uku ke nan ina amfani da manhajar wani kamfanin sayar da kayan gida mai rassa a garuruwa da dama. Taurari uku zan ba ta cikin biyar. Hotunan kayan sun fito sosai, binciken kaya ba ya ɓata lokaci, biyan kuɗi ma bai taɓa maƙale mini ba. Taurari biyun da na rage, na rage su ne saboda abu guda: sati biyu cur manhajar tana ɗaukata a matsayin mazaunin wani gari mai nisan tafiyar awa biyar daga inda nake, kuma ba ta taɓa faɗa mini haka a fili ba.

Dutsen guga ne ya tona asirin. Na gan shi a manhajar da ragi mai kyau, an rubuta akwai shi a "reshe mafi kusa". Da yake akwai reshensu da nake wucewa kullum a hanyar aiki, ban ko duba sunan reshen ba, na biya ta can da yamma. A kan kanta sai na tarar farashin ya ɗara na wayata da kusan kashi ɗaya cikin goma. Na nuna wa ma'aikaciyar da ke wurin allon wayar, har na fara ɗaga murya. Ta karɓa ta duba, ta ja shafin sama da ɗan yatsa, ta nuna mini wani ƙaramin rubutu mai launin toka a ƙarƙashin tambarin kamfanin.

"Yallaɓai, ai wannan ba reshenmu ba ne. Ragin na can ne, mu nan bai shafe mu ba."

Kunya ta kama ni, amma mamakin ya fi yawa, domin na san na ba manhajar izinin sanin wurin da nake. Na shiga saituna a gabanta, ga shi nan an zaɓi Allow only while using the app. Izini a kunne, gari kuma ba nawa ba.

Abin da na fara zargi shi ne maɓallin nan na Use precise location, wanda na tarar a kashe. Tun daga Android 12 da ya fito a 2021 waya na barin mutum ya zaɓa ko manhaja ta san ainihin inda yake tsaye ko kuwa yankin kawai, a wayoyin iPhone kuma irin wannan zaɓin, Precise Location, ya zo da iOS 14 a 2020. Na kunna shi, na rufe manhajar na sake buɗewa, babu abin da ya canza. Daga baya na gane zargin ma bai da tushe. Wurin ƙiyasi a Android yanki ne na kimanin murabba'in kilomita 3. Zai iya sa manhaja ta jera maka reshen wata unguwa a gaban na unguwarku, amma ba zai kai ka garin da sai ka yini a mota kafin ka isa ba. Girman kuskuren da kansa alama ce: in tazarar ta unguwa ce, duba wannan maɓallin, in ta gari da gari ce, matsalar tana wani wurin.

Gwajin da ya kamata in fara da shi ba ya cin minti ɗaya. Na fita tsakar gida inda sama take a buɗe, na buɗe manhajar taswira, na jira shuɗin ɗigon nan ya tsaya. Ya tsaya a kan layinmu, da ɗan siririn da'ira kewaye da shi. Ke nan wayar ta san inda take sarai. GPS yana buƙatar siginar taurarin ɗan adam aƙalla huɗu kafin ya fitar da wuri, shi ya sa a cikin ɗaki mai rufin kankare yakan yi ta lalube, wayar kuma ta dogara da Wi-Fi na kusa da turakun sadarwa. Amma a waje komai daidai yake. Tunda taswira ta san gidana, manhajar sayayya kuwa ba ta sani ba, to manhajar ba ta tambayar wayar kwata-kwata. Daga wani wuri dabam ta samo garin.

Sai na tuna ranar da na sauke ta. Ina cikin sauri, ta jero mini tambayoyin neman izini, na dinga danna Don't allow ba tare da na karanta ba. Izinin da nake taƙama da shi, sai bayan kwana biyu na koma na bayar. To manhajar da aka hana izini ba ta zama hannu rabbana. Tana duba adireshin IP da wayar ta shigo intanet da shi, ta nemi garin da aka alaƙanta da adireshin a wani kundin bayanai, ta ɗauka can kake. Nan ne gizo ke saƙa ga mai amfani da datar layin waya. Kamfanonin sadarwa sukan tattara zirga-zirgar kastomomi masu ɗimbin yawa su fitar da ita intanet ta ƙofofi ƙalilan, galibi a manyan birane, mutane da yawa suna raba adireshi ɗaya. Kundin bai san kai ba, ƙofar ya sani. Na tabbatar da haka da kaina: na buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mutum adireshin IP ɗinsa, ina kan data, sai ga sunan garin nan mai nisan awa biyar. Na koma kan Wi-Fi na ofis washegari, shafin ya nuna garinmu. Mai amfani da VPN ma irin wannan ke samunsa, har ya fi muni, don shi wata ƙasar ma za a iya kai shi.

Ƙiyasin farko ta IP ban ga laifinsa ba, dole manhaja ta fara daga wani wuri. Inda na ga gazawarsu shi ne abin da ya biyo baya. Manhajar ta ɗauki wannan ƙiyasin ta adana shi a matsayin "reshena", kamar ni na zaɓa da hannuna, daga nan ba ta sake waiwayar wurin ba. Na ba da izini bayan kwana biyu, ba ta kula ba. Na kunna ainihin wuri, ba ta kula ba. Ga shi wayar tana riƙe da amsar gaskiya, manhajar na da ikon tambaya, amma ta gwammace tsohon ƙiyasinta. Da sun sa ɗan saƙo guda mai cewa "da alama kana wani gari, mu canza reshe?" da ban tsaya gardama da baiwar Allah a gaban kanta ba.

Gyaran ma sai da na yi kuskure sau ɗaya. Na shiga Settings, sannan Apps, na zaɓi manhajar, na shiga sashen ma'ajiya na danna Clear cache. Ba abin da ya faru, kuma bai kamata ya faru ba, domin wannan hotuna da tarkacen wucin gadi kawai yake sharewa. Zaɓin reshe yana cikin bayanan manhajar na dindindin, waɗanda sai Clear storage ke gogewa, a wasu wayoyin ana kiransa Clear data. Kafin ka danna shi ka tabbata kana tuna kalmar sirrinka, don zai fitar da kai daga asusunka, kayan da ka tara a kwando ma suna iya tafiya in ba a asusun aka adana su ba. Nawa sun tafi, guda shida. Da na sake buɗe manhajar sai ta dawo kamar sabuwa, ta nemi izinin wuri, na ba ta ina tsaye a tsakar gida, ta kawo reshen hanyar aikina a sahun farko da nisansa daidai. Dutsen gugan ya koma farashin da na gani a kan kanta, ragin ya ɓace, kuɗin kawowa gida kuma ya sauka ƙasa da rabin abin da take nuna mini a da. Wani abin girki da ta yi sati biyu tana cewa ya ƙare, ashe yana nan jibge a reshenmu.

Abin haushin, bayan na gama duk wannan sai na gano ƙaramin rubutun nan mai launin toka ana iya danna shi, ya buɗe jerin rassa mutum ya zaɓa da hannu. Babu kibiya a gefensa, babu layi a ƙarƙashinsa, babu abin da zai nuna maka maɓalli ne. Wanda ya samu kansa a irin halina ya fara gwada wannan kafin ya goge komai, kwandonsa zai tsira.

A kwamfuta labarin ya ɗan bambanta, kuma nan ban ɗora wa kamfanin laifi sosai ba. Yawancin kwamfutocin cinya ba su da GPS, burauza tana ƙiyasta wuri ne daga Wi-Fi da ke kewaye da kuma IP. Shafin nasu ya sake kai ni wancan garin ranar da na jona kwamfutar da datar wayata. A Chrome na danna alamar da ke gefen hagu na adireshin shafin, na shiga Site settings, na mayar da Location zuwa Allow, na goge bayanan da shafin ya adana, domin a nan cikin kukis ake ajiye zaɓin reshen. Ya dawo daidai. Amma duk ranar da na buɗe taga ta Incognito, wadda ba ta riƙe kukis bayan an rufe ta, sai ya koma gidan jiya. A kwamfuta yanzu ba na dogara da ƙiyasi, na rubuta adireshin kawo kaya a asusuna, ina shiga asusun kafin in kalli kowane farashi.

Na rubuta wa sashen kula da kastomomi duk wannan bayanin, har da hoton allo. Sun amsa cikin kwana ɗaya, da ladabi, suka ce in tabbatar na kunna izinin wuri. Na sake bayyana musu cewa a kunne yake, manhajar ce ba ta sake dubawa bayan ƙiyasin farko. Suka ce sun miƙa wa masu fasaha. An sabunta manhajar sau biyu tun daga lokacin, rubutun reshen yana nan da launin tokarsa, ƙarami kamar yadda yake.

Har yanzu ina sayayya da ita, don in reshen ya zauna daidai farashinta na dacewa da na kan kanta, odar da na yi sau huɗu kuma duk ta iso a ranar da aka ce. Satin da ya wuce ƙanwata ta sauke ta a sabuwar wayarta, ta kira ni da murna wai ta ga ragi a kan injin markaɗe.

"Yaya, in saya yanzu ko in jira?"

Na ce ta fara karanto mini sunan reshen da ke ƙarƙashin tambarin. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta karanto sunan garin nan mai nisan awa biyar.