Mataki ko daraja: wanne ke tsara maganin ciwon dasashi?

Rabe-raben 2017 na ciwon dasashi mai cin ƙashi yana da ma'auni biyu. Mataki, daga 1 zuwa 4, yana auna ɓarnar da ta riga ta auku. Daraja, A zuwa C, saurin cutar take nunawa.

Ɗauki mutum mai shekara 40 da ya rasa kashi 40 cikin ɗari na ƙashin tushen haƙori. Mataki na 3 ke nan: bayan kankare ƙarƙashin dasashi, wataƙila sai tiyata. Don sanin daraja, raba kashi 40 ɗin da shekarunsa, ka sami 1, daraja B ke nan. Amma in yana shan sigari 10 kullum, ya koma C, sai a riƙa dubansa akai-akai. Ni dai daraja na fi tsoro.