Dare a masana'anta ko jiran kira a asibiti: wanne ya fi biya?

Makwabtana biyu a Tudun Wada suna yawan musun wanda ya fi morewa. Ɗaya yana aikin inji a wata masana'anta a Kakuri da ke Kaduna, ɗaya ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a asibiti.

Na masana'anta lissafinsa a fili yake. A ce ana ƙara masa naira 1,500 kan kowane daren da ya yi, daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. Ya yi dare 12 a wata, ya san naira 18,000 tasa ce. In ya ga 15,000 a takardar albashi, to an manta da dare biyu, sai ya nufi littafin sa hannu ya nuna. Da asuba kuwa ya tafi gida, babu mai nemansa.

Na asibiti alawus ɗinsa na jiran kira dunƙule yake, yana bin matakin albashi a CONHESS, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya na gwamnati. Ko an tashe shi sau ɗaya ko sau goma a watan, kuɗin bai canzawa. Wayarsa na gefen matashi, bai isa ya je biki Zariya ba, kuma in haɗari ya auku a hanyar Abuja ƙarfe biyu na dare, sai ya fito neman abin hawa da kuɗin aljihunsa. Washegari kuma aikin safe na jiransa.

Ni dai na fi tausaya wa na asibiti, domin ana biyansa zaman jira, amma wahalar daren kanta ba ta shiga lissafi.