Kundi mai tsawo ko kundi mai sabon zango: wa ke cin zaɓe a Raft?

"Don Allah, in shugaba ya faɗi a Raft, ba na'urar da kundinta ya fi tsawo ake zaɓa ba? Na ga wata mai shigarwa 7 ta kayar da mai 10, abin ya ɗaure min kai."

Malam, a Raft, wato tsarin da na'urori ke bi su zaɓi shugaba su riƙe kundin rubutu iri ɗaya, tsawo shi ne ma'auni na biyu. Mai neman ƙuri'a yana aika `RequestVote` ɗauke da `lastLogTerm` da `lastLogIndex`, wato zango da lambar shigarwarsa ta ƙarshe. Zango lamba ce da ke ƙaruwa duk lokacin da aka buɗe sabon zaɓe. Mai jefa ƙuri'a zangon shigarwar ƙarshe yake fara dubawa, sai in zango ya zo ɗaya sannan ya kalli tsawo.

Ɗauki na'urori biyar, S1 zuwa S5, rinjaye uku ke nan. S1 ke shugabanci a zango na 2, kowa na da shigarwa 1 zuwa 5. Sai layi ya yanke, S1 da S2 suka koma gefe guda. S1 bai san an raba gari ba, ya ci gaba da karɓar rubutu har lamba 10, amma na'urori biyu ba rinjaye ba ne, ba ko ɗaya da ya tabbata. A can kuwa an zaɓi S3 a zango na 3, ya rubuta 6 da 7 a na'urori uku, suka tabbata. S3 ya mutu, layi ya dawo.

To, jera su. S1 yana da 10, ta ƙarshe daga zango na 2. S4 yana da 7, ta ƙarshe daga zango na 3. S1 zai samu ƙuri'arsa da ta S2, nan ya tsaya, domin S4 da S5 za su hana shi komai yawan zagaye. S4 kuwa yana da tasa da ta S5, kuma S1 ko S2 na iya ba shi ta uku. In ƙuri'u sun rabu biyu da biyu, kowa ya jira wani ɗan lokaci na kan mai uwa da wabi, misali milisakan 150 zuwa 300, a buɗe sabon zango. Da tsawo ake bi, da S1 ya hau ya share 6 da 7 da aka riga aka ce wa mai buƙata sun zauna.

Gyaran kundin S1 shi ne wurin da ya fi burge ni. A ce S4 ya ci zaɓen, sai ya aika wa S1 `AppendEntries` yana cewa lamba 7 ta zango na 3 ce. S1 ya duba tasa, ta zango na 2 ce, ya ƙi. S4 ya rage `nextIndex`, wato lambar da zai fara aika wa S1 daga ita, ya gwada 6, aka sake ƙi. A lamba 5 suka dace, sai S1 ya zubar da 6 zuwa 10 nasa, ya kwafi na S4. Masu waɗancan rubuce-rubuce biyar dama ba a taɓa amsa musu ba, sai su sake aikowa.