Iyafis ɗin bulutut da ya kunyata ni a tsakiyar mitin

A wani shago a Wuse na sayi iyafis ɗin nan, kuma mai shagon har da rantsuwa cewa waya da laftof duk yana ɗauka. A waya kam ya ɗauka, karatun Alƙur'ani da kira duk suna fita tas. A laftof ne na ga tashin hankali.

Ina da mitin na Zoom da shugabannina. Na haɗa shi da laftof ɗina mai Windows 10, ya rubuta Connected, na gwada bidiyo a YouTube, sauti lafiya lau. Ina shiga mitin sai shiru. Ina ganin bakin oga yana motsi, ba na jin komai. Ashe sunana yake ta kira. Wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani ƙanina mai gyaran kwamfuta ne ya warware min. Ya ce, "Yaya, danna alamar lasifika ki gani." Sai ga iyafis ɗaya ya fito da suna biyu: ɗaya da Stereo, ɗaya da Hands-Free AG Audio. Na farkon shi ne mai sauti mai daɗi, amma ba ya tafiya da makirfo. Da zarar Zoom ya buɗe makirfon iyafis ɗin, sai ya koma na biyun, shi kuwa Stereo ya yi gum. Ni kuma Zoom ɗina a kan Stereo yake tura magana.

Mafita biyu ce. Ko a Zoom a sa Speaker da Microphone duka a kan Hands-Free, a haƙura da murya kamar ta tsohuwar rediyo, ko a bar Speaker a kan Stereo a zaɓi makirfon laftof. Mafita ta biyun na ɗauka, ta yi aiki. A lokacin har na ce to, laifin ba na iyafis ba ne, zan iya cewa a saya.

Amma yankewar fa? Ita ce ta dawo min da haushi. In maifai ɗina na kusa da laftof, sai magana ta riƙa tsinkewa. Ƙanin nawa ya ce bulutut da waifai suna cunkoso a zango ɗaya, 2.4 GHz. Na matsar da maifai ɗin can gefe, ta ragu. Sai dai ko a waya, in na sa ta a jaka na rataya ta baya, kunnen hagu ya dinga ɗaukewa yana dawowa ke nan. Na ƙawata bai taɓa yin haka ba a wuri ɗaya, don na ara na gwada.

Na koma shagon, mai shagon ya ce tunda yana haɗuwa ai ba abin da ya same shi, ba zai karɓa ba. Mai aikin mitin a laftof, kada ya saya.