Lokacin fitowar sinadarai ya goce a na'urar HPLC: auna gudun famfo ko tura urasil?

Ana yawan tambayata wanne za a fara. Auna famfo ba ya cin komai: idan an saita mililita 1 a minti, kwalbar awo mai mililita 10 ta cika a minti 10. In ta kai minti 11, akwai yoyo, kumfa ko bawul da ya gaji.

Urasil kuwa na fi son sa, domin kolam na C18 ba ya riƙe shi. Idan ya fito kan lokacinsa amma sauran sinadarai sun goce, famfo lafiya yake. Duba pH, zafin kolam, ko asetonaitril da ya ƙafe daga ruwan haɗi. Sai dai sai kana da tsohon lokacin fitowar urasil a rubuce.

Mai irin wannan rikodi ya fara da urasil. Wanda ba shi da shi, kwalba da agogo sun ishe shi.