Ɗanyar riba ta faɗi, tsabar riba ta hau: wacce za a bi?

"Salamu alaikum jama'a. Na ɗauki hoton shafin riba da asara daga rahoton shekara na wani kamfani mai sarrafa kaya, ga shi na tura. Da na raba ɗanyar riba da kuɗin ciniki sai na ga ta sauka daga kashi 35 zuwa 30. Da na raba riba bayan haraji kuma sai na ga ta hau daga 8.75 zuwa 10. Kamfanin gaba ya yi ko baya? Wanne lissafin zan riƙe?"

Wa'alaikumus salam Malam. Lissafinka duka biyun daidai ne, na sake buga su. Tambayoyi daban-daban suke amsawa, shi ya sa ba su haɗu ba. Ga abin da na kwafo daga hotonka, a dubbai kamar yadda aka rubuta a saman shafin:

| | Bana | Bara |
|---|---|---|
| Kuɗin ciniki | 48,000 | 40,000 |
| Kuɗin samar da kayan da aka sayar | (33,600) | (26,000) |
| Ɗanyar riba | 14,400 | 14,000 |
| Sauran kuɗin shiga | 3,200 | 200 |
| Kuɗin talla da rarraba kaya | (4,300) | (3,600) |
| Kuɗin gudanarwa | (5,300) | (4,600) |
| Ribar aiki | 8,000 | 6,000 |
| Kuɗin ruwa | (2,000) | (1,000) |
| Riba kafin haraji | 6,000 | 5,000 |
| Haraji | (1,200) | (1,500) |
| Riba bayan haraji | 4,800 | 3,500 |

Kafin mu raba komai, sai mun tabbata abin da muka kwafo shi ne abin da ke takardar. A layi na biyu haske ya bugi hoton, ba a iya bambance ko 33,600 ne ko 38,600. Ba sai ka koma neman littafin ba, domin shafin da kansa yake gyara ka. Cire ɗanyar riba daga kuɗin ciniki, wato 48,000 a cire 14,400, saura 33,600. Magana ta ƙare. Da 38,600 ka ɗauka ka yi naka lissafin, da ɗanyar riba ta zama 9,400, ka fito da kusan kashi 19.6, ka ce kamfanin ya durƙushe alhali ba haka ba ne. Haka za ka bi kowane jimla har ƙasa. Idan wani bai fito daidai ba, ko dai ka karanta wata lamba ba daidai ba, ko ka tsallake layi, ko kuma hoton ya karkace har adadin wani layi ya zo daidai da sunan layin da ke ƙarƙashinsa. Wannan na ƙarshen ya fi yawa idan an ɗauki hoton littafi mai kauri, inda takardar ke lanƙwasa kusa da ɗinki.

Abu biyu kuma ka lura da su a saman shafin. Wani rahoton yana zuwa da ginshiƙi huɗu, biyu na rukunin kamfanonin gaba ɗaya, biyu na uwar kamfanin ita kaɗai, kuma idan ka ɗauki ciniki daga nan ka ɗauki riba daga can, kason da zai fito ba na kowa ba ne. Sannan ƙananan lambobin nan da ke tsaye tsakanin sunan layi da adadinsa ba kuɗi ba ne, lambobin ƙarin bayani ne da ke can cikin rahoton. Za mu buƙace su nan gaba. Adadin da ke cikin baka biyu kuwa cirewa ake yi.

To, mu jera su gefe da gefe.

Kason ɗanyar riba tambaya ɗaya yake yi: a cikin kowace ɗari da ta shigo daga sayar da kaya, nawa ya rage bayan an cire abin da aka kashe wajen samar da kayan? Bara 35 ne, bana 30. Layi biyu kawai ke shiga cikinsa, don haka babu wurin ɓuya da yawa. Dubi yadda suka motsa: ciniki ya ƙaru da 8,000, wato kashi 20, amma kuɗin samar da kaya ya ƙaru da 7,600, wato sama da kashi 29. Daga cikin ƙarin cinikin nan na 8,000, abin da ya zama ɗanyar riba 400 ne kacal. Ko dai kayan aiki sun yi wa kamfanin tsada bai iya ɗora wa masu saye ba, ko ya karya farashi don ya sayar da yawa, ko kuma kayan da suka fi fita bana su ne masu ƙaramar riba. Shafin ba zai gaya maka wanne ne ba, amma ya gaya maka cewa matsalar a gindin sana'ar take.

Rauninsa shi ne bai san komai da ke ƙasa da shi ba. Kamfani zai iya samun kyakkyawar ɗanyar riba amma albashin ofis da bashi su cinye ta. Kuma bai cika dacewa da gwada kamfani da kamfani ba, domin wani zai sa kuɗin dakon kaya ko tsufan injuna a cikin kuɗin samar da kaya, wani ya kai wani ɓangarensu ƙasa. Akwai ma kamfanonin da ba sa nuna ɗanyar riba sam, saboda ƙa'idar rubuta rahoton kuɗi ta ƙasa da ƙasa mai suna IAS 1 ta ba da damar jera kashe-kashe bisa nau'insu, kamar albashi da kayan aiki da tsufan kadara, maimakon bisa aikin da suka yi. Amma gwada kamfani ɗaya da kansa, bana da bara, irin wanda kake yi, nan ne yake da ƙarfi.

Kason tsabar riba kuwa, wato riba bayan haraji, komai ya haɗiye. Shi ne abin da ya rage wa masu kamfanin bayan kowa ya karɓi nasa, kuma wannan ne amfaninsa. Matsalarsa ita ce duk abin da ya faru a shekarar, na kullum da na sau ɗaya, a cikinsa yake narkewa, ba ka iya bambance su daga adadin ƙarshe. Don haka idan ya saɓa da na sama, sai a bi layukan da ke tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya a ga inda aka samu canjin.

Talla da gudanarwa ba su ne ba. Bana sun kama 9,600, kashi 20 na ciniki. Bara 8,200, kashi 20.5. Kusan babu motsi. Kuɗin ruwa ma ba taimako ya yi ba, ninkawa ya yi. Saura layi biyu.

Na farko shi ne sauran kuɗin shiga, wanda ya tashi daga 200 zuwa 3,200. Layin da ya ninka sau goma sha shida a shekara ɗaya ba ciniki na yau da kullum ba ne. Yawanci irin wannan tsallen yana fitowa daga ribar sayar da fili ko gini ko injin, ko diyyar inshora, ko ribar canjin kuɗi. Kuma ka ga inda aka ajiye shi: sama da ribar aiki. Shi ya sa ko da ka gudu daga kasonka biyu ka koma kason ribar aiki, zai ruɗe ka, don zai nuna 16.7 bana, 15 bara, kamar an ci gaba. Cire layin daga shekarun biyu ka sake rabawa. Bana 4,800 cikin 48,000, kashi 10. Bara 5,800 cikin 40,000, kashi 14.5. Yanzu ya koma tafiya tare da ɗanyar riba, faɗuwar maki huɗu da rabi a nan, maki biyar a can.

A nan zan ɗan yi ratse. IAS 1 ba ta fayyace abin da ake nufi da ribar aiki ba, kowane kamfani da inda yake ja layinsa. Sabuwar ƙa'idar IFRS 18, wadda aka fitar a 2024 kuma take fara aiki daga 1 ga Janairu 2027, ta wajabta nuna wannan jimlar. Duk da haka ba za ta ɗauke maka wannan aikin ba, domin abin da ya faru sau ɗaya zai iya zama a cikin ribar aikin.

Na biyu shi ne haraji. Raba shi da riba kafin haraji: bara 1,500 cikin 5,000, kashi 30. Bana 1,200 cikin 6,000, kashi 20. Yanzu ka gwada wannan. Da bana ma kashi 30 aka cire, harajin zai zama 1,800, riba ta zama 4,200, idan ka raba da 48,000 kuma sai ka samu 8.75. Daidai da na bara, ko ɗigo babu bambanci. Ke nan duk hawan da ka gani daga 8.75 zuwa 10 sauƙin haraji ne ya kawo shi, shi kuma 3,000 ɗin nan da ya ƙaru a sauran kuɗin shiga shi ya toshe ramin da sana'ar ta haƙa. Ba mamaki abubuwan biyu suna da alaƙa, don a wurare da dama ribar sayar da kadara ba ta bin harajin da ribar ciniki ke bi, amma wannan sai bayanin haraji na cikin rahoton ya tabbatar.

Idan kana sa su a Excel, ciniki a B2, sauran kuɗin shiga a B5, ribar aiki a B8, kamar yadda teburin ya jera su, wannan ne zai ba ka kason da aka tace:

```
=(B8-B5)/B2
```

Don haka idan tambayarka ita ce ko sana'ar ta ƙara lafiya, riƙe ɗanyar riba tare da ribar aikin da aka cire wa sauran kuɗin shiga, kuma amsarsu baya aka yi. Idan kuwa tambayar ita ce nawa masu hannun jari suka samu a wannan shekarar kaɗai, to kashi 10 ɗin gaskiya ne, kuɗi ne na halak da aka rubuta, sai dai kada ka ɗora hasashen baɗi a kansa. Fili sau ɗaya ake sayar da shi.

Ni abin da ya fi damuna a shafin ma ba ɗaya daga cikin biyun ba ne, kuɗin ruwan ne. Raba ribar aiki da shi ka ga sau nawa za ta iya biyansa: bara sau 6, bana sau 4. Idan ka cire sauran kuɗin shiga, daga 5.8 ya faɗo 2.4. Ribar ainihin sana'ar na raguwa, kuɗin ruwa na ƙaruwa, lokaci guda. Ko bashin ne ya ƙaru ko ruwan da ke kansa, hotonka ba zai faɗa ba, kamar yadda ba zai ba ka kason bashi da jari ko ribar da jari ya haifar ba. Waɗannan sai da shafin kadara da bashi. Ribar kowane hannun jari ma kada ka ƙirƙiro ta da kanka daga yawan hannun jarin ƙarshen shekara, matsakaicin adadin shekarar ake amfani da shi, kuma ba a dubbai ake rubuta ta ba kamar sauran shafin.

In littafin yana kusa, ka ƙara ɗauko mana hoto uku: shafin kadara da bashi, da bayanin da lambarsa ke gefen sauran kuɗin shiga, da wanda ke gefen haraji. Ka danne takardar ta miƙe, ka riƙe wayar daidai saman shafin, kuma ka tabbata kan ginshiƙan da ke nuna shekara da ma'aunin kuɗi ya shiga hoton.