Tikitin zuwa da dawowa ko tikiti biyu daban-daban: wanne ya fi sauƙi?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Zan kai mahaifiyata asibiti a Alƙahira, daga Maiduguri za mu tashi ta Abuja. Likita bai tsayar da ranar sallama ba, ya ce mako uku zuwa shida. In yanki zuwa da dawowa yanzu, ko in yanki na zuwa kawai, idan an sallame mu in sayi na dawowa a can? Wanne zai fi min sauƙi?"

Wa alaikumussalam Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa a yi aiki a sa'a. Tafiyar taku kashi biyu ce, kuma kowane kashi da amsarsa daban, domin jiragen cikin gida da manyan jiragen waje ba iri ɗaya suke sa farashi ba.

Na Maiduguri zuwa Abuja ba ya buƙatar dogon bayani. Kamfanonin cikin gida irin su Air Peace da Max Air kowace tafiya da kuɗinta suke sayarwa. Idan ka zaɓi zuwa da dawowa a shafinsu za ka ga kuɗin zuwa a gefe, na dawowa a gefe, sai a tara maka su. Babu ragin da kake samu don ka haɗa. Tunda haka ne, kuma ba ka san ranar dawowa ba, yanki na zuwa kawai. Idan kun tabbatar da ranar sauka Abuja sai ka duba kamfanin da ya fi araha a ranar, ko wanda lokacinsa ya fi dacewa da mara lafiya. Abin lura ɗaya shi ne kujerun cikin gida suna tsada idan rana ta matso, saboda haka da zarar ranar dawowa ta tsayu kada ka jinkirta.

Abuja zuwa Alƙahira ne inda maganar take. Manyan kamfanoni irin su EgyptAir da Ethiopian da Qatar Airways ba raba kuɗin zuwa da dawowa gida biyu suke yi su ce ga kuɗin tafiya ɗaya ba. A cikin jirgi ɗaya, a ɓangare ɗaya na kujerun gama-gari, akwai matakan farashi da yawa, kowanne da harafinsa da sharuɗɗansa. Mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya biya kusan ninkin abin da ɗayan ya biya. Matakan da suka fi araha galibi an ɗaura musu sharaɗin a saya da dawowa, ko kuma an sa wa na tafiya ɗaya farashin da ya haura rabi sosai. Dalilin kamfani a fili yake: mai sayen tafiya ɗaya zuwa wata ƙasa yawanci larura ce ta sa shi, ko ma'aikata ce ke biya masa, ba zai fasa tafiya don tsada ba. Shi kuwa mai zuwa da dawowa mai kwatanta farashi ne, da shi ake gasa.

Bari mu buga lissafi da alƙaluman misali, kai sai ka sa na gaske da ejan zai ba ka. Mu ƙaddara zuwa da dawowa naira 900,000 ne ga mutum ɗaya, tafiya ɗaya kuma 620,000. Idan na dawowa daga Alƙahira ya zo a wannan farashin, tikiti biyu sun tashi 1,240,000. Ka ga akwai tazarar 340,000 a kan kowane mutum, ku biyu kuma 680,000. Wannan tazarar ita ce ma'aunin komai, domin abin da ya sa kake tunanin rabawa shi ne tsoron canjin rana. To nawa canjin ranar yake ci?

Canjin rana kuɗi biyu ne, kuma mutane da yawa na farko kaɗai suke tambaya. Akwai tarar canji, wadda take rubuce a sharuɗɗan tikiti, mu ce 150,000. Sannan akwai ciko. Idan a sabuwar ranar kujerun matakin da ka saya sun ƙare, sai an ɗaga ka zuwa mataki na sama, ka biya bambancin, mu ce 80,000. Canji ɗaya ya zama 230,000, tikitinka ya tashi 1,130,000. Har yanzu ka fi mai tikiti biyu sauƙi da 110,000. Amma idan likita ya sake ɗaga sallama kuka canza sau biyu, kowane tikiti ya kai 1,360,000, mai tikiti biyu ya fi ku. Wato a wannan misalin zuwa da dawowa yana ɗaukar canji ɗaya, ba ya ɗaukar biyu.

Sai dai kada wannan ya ruɗe ka, domin akwai zato a cikin lissafin mai tikiti biyu wanda da wuya ya tabbata. Mun ɗauka zai samu na dawowa a 620,000. Alhali ranar da aka sallami Hajiya ne zai fara nema, yana son tashi cikin kwana biyu ko uku, lokacin da kujeru masu araha suka riga suka ƙare. Ga shi a ƙasar mutane, kuɗin masauki yana tafiya kullum, ba shi da sararin jiran farashi ya sauka. Kuma tikitin da ya fara daga Masar farashin kasuwar can yake bi, da kuɗin can ko da dala ake lissafa shi, in naira ta faɗi a cikin makonnin nan shi zai ɗauki asarar. Wanda ya yanki zuwa da dawowa ya riga ya kulle kuɗinsa da naira tun daga gida. Mun ga irin wannan a 2022 da 2023, lokacin da kuɗin kamfanonin jiragen waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, da yawansu suka rufe matakan farashi masu araha, wanda bai riga ya yanka ba ya sha tsada.

Da ni ne a matsayinka, ga abin da zan yi. Zan ce wa ejan ya ba ni farashi uku, ba biyu ba: tafiya ɗaya, zuwa da dawowa mafi araha, da zuwa da dawowa mai sassaucin canji. Na ukun nan shi ake mantawa da shi. Idan a misalinmu ya zo a 1,050,000 kuma babu tarar canji sai ciko kawai, to shi ne na mai jinya. Sannan ranar dawowa zan sa ta a ƙarshen mako na shida, ko ma in ƙara 'yan kwanaki. Idan an sallame ku da wuri kana da zaɓi, ko ka biya ka matso da ranar ko ku ɗan huta a gama ganin likita na bayan aiki. Idan kuwa ka sa ta a mako na uku, kusan tabbas sai ka canza, wataƙila fiye da sau ɗaya.

Akwai kuma maganar da ta wuce kuɗi. Mai shiga ƙasa da bizar ziyara ko ta jinya sau da yawa ana neman ya nuna tikitin fita, kuma tun a teburin awon kaya na Abuja ma'aikatan jirgi suke dubawa, domin idan aka hana fasinja shiga ƙasa kamfanin da ya kai shi ne zai ɗauki nauyin maido shi. Ka tambayi ejan abin da bizarku ta tanada kafin ka yi tunanin tafiya ɗaya. Ba ka son a tsayar da kai da tsohuwa a keken guragu ana cewa sai ka sayi tikiti nan take, a farashin filin jirgi.

Zuwa da dawowa ma yana da nasa tarkon, kuma na taɓa faɗawa. Tikiti ɗaya a jere ake amfani da shi. Idan ka rasa jirgin farko ba ka sanar ba, na'ura za ta rubuta ka a matsayin No-show, sai ta soke duk abin da ya rage har da na dawowa. Wata shekara jirgin cikin gida ya yi min jinkirin sa'o'i, na iso na tarar na waje ya tashi. Na ce to ai dawowata tana nan, sai aka ce ta tafi tare da zuwan. Tunda tikitin cikin gidan daban na saye shi, kamfanin waje ya ce babu ruwansa da jinkirin wani, kuma bisa ƙa'ida gaskiyarsa ce. Wannan ya shafe ka kai tsaye: ku shigo Abuja kwana ɗaya kafin tashinku, kada ka haɗa jiragen biyu a yini guda. Haka nan a can, idan ka ga ba za ku samu dawowa a ranar da ke tikiti ba, ka canza kafin lokacin tashin jirgin, ba bayansa ba. Bayan ya tashi akwai ƙarin tara, wani tikitin ma ya mutu ke nan.

Kada kuma ka sa rai da yawa a kan maido da kuɗin rabin da ba a yi amfani da shi ba. Ba rabi ake bayarwa ba. Kamfani yakan lissafa zuwan da ka yi a farashin tafiya ɗaya, wato a misalinmu ya cire 620,000 daga 900,000, saura 280,000, sannan ya cire tarar sokewa. Idan tikitin marar maidowa ne, sai dai ɗan abin da ya rage na harajin filin jirgi.

To yaushe tikiti biyu suke cin riba a tafiyar waje? Idan kamfani mai rahusa ne irin Flynas ko Air Arabia, su ma kamar na cikin gida suke, kowace tafiya da kuɗinta, rabawa ba ta ƙara maka komai, sai dai ka kula da kuɗin kaya don sau da yawa daban ake biya. Haka ɗalibin da zai wuce shekara bai dawo ba, domin tikiti ba ya wuce shekara ɗaya, dawowar za ta lalace kafin ya buƙace ta. Sai kuma idan ka duba ka ga tafiya ɗaya ta tsaya daf da rabin zuwa da dawowa, wanda yakan faru a hanyoyin da kamfanoni suka yi yawa suna gasa. Masu zuwa Umara da ke son sauka Madina su taso daga Jidda sukan ɗauka dole sai tikiti biyu, alhali a'a. Akwai zaɓin Multi-city a shafin kamfani, yana haɗa su a tikiti ɗaya, kuma galibi farashinsa ya fi kusa da na zuwa da dawowa.

Kafin ka tura wa ejan kuɗi, ka sa ya turo maka sharuɗɗan a rubuce, abin da za ka gani a shafi da sunan Fare rules: nawa ne tarar canji bayan an fara tafiya, nawa ne ta rashin zuwa, kuma kwana nawa tikitin ya yarda a zauna, don wasu masu arahar wata ɗaya ne iyakarsu, ku kuma kuna iya kai mako shida. Ka tambaye shi ko shi ma yana cajin nasa ladan a kan kowane canji, ka kuma karɓi lambar da za ka same shi ko da dare, domin tikitin da aka yanka ta hannun ejan sau da yawa kamfani zai ce ka koma wurinsa ya canza maka. Idan za ka iya barin Hajiya da wani ɗan'uwa ka dawo aiki kafin a sallame ta, ka faɗa wa ejan tun yanzu ya yi muku rajista daban-daban, kowa da lambarsa, don canjin ɗaya kada ya taɓa na ɗaya.